Walat ɗin da ake zuba wa kuɗi da wanda aka haɗa da kati: ina kuɗina suke tsayawa?

MaiAtamfa_KasuwarBarci
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya ɗaure min kai tun jiya. Ina da manhaja biyu a wayata. Ta farko walat ce da nake zuba wa kuɗi wajen mai POS na bakin layinmu, wani lokaci kuma in turo daga banki. Ta biyu ta sayayya ce, yarona ya sa min lambar katin bankina a ciki, ita ma an rubuta "Wallet" a jikinta. Jiya da la'asar na sayi zare da leda na naira 18,500 a ta biyun. Ta juya, ta juya, sai ta rubuto "Failed". Kafin in ajiye wayar sai ga alat daga banki, an cire 18,500. Na buɗe walat ɗin manhajar ina zaton kuɗin sun faɗa ciki, sai na ga sifili. Ba kaya, ba kuɗi. To ina kuɗin suka maƙale, kuma wa zan riƙe? Na ɗauka duk walat walat ce.

Dan_Rigasa
Wa alaikumus salam Alhaji. Ka ba shi kwana ɗaya ko biyu, yawanci suna dawowa da kansu. Amma kada ka sake danna biya yanzu, don kada a cire sau biyu.

Maman_Hanifa
Alhaji ka je wajen mai POS ɗin ka sa ya duba maka, su ne ke riƙe kuɗin mutane. Ni an taɓa yi min haka da dubu arba'in, sai da na yi zaman dirshan a gaban rumfarsa.

MaiPOS_Kawo
Hajiya Maman Hanifa, a yi mana adalci. Wannan maganar ta Alhaji babu hannun mai POS a ciki ko kaɗan, katinsa ne aka ja daga banki kai tsaye. Ki sake karantawa.

Tunda an ambato mu, bari in faɗi abin da ke faruwa idan an kawo mana tsabar kuɗi. Ni ina da nawa asusun da nake lodawa kafin in buɗe rumfa. Idan ka miƙo min dubu ashirin ka ce in sa maka a walat, takardun kuɗinka suna shiga aljihun teburina, ni kuma in tura maka dubu ashirin daga nawa asusun zuwa lambarka. Musaya ce kawai, na karɓi takarda na ba ka na waya. Shi ya sa wata rana za ka zo in ce maka ba zan iya turawa ba, alhali ga kuɗi jibge a gabana. Na wayar ne suka ƙare, sai na je banki na zuba ko wani ya zo cira. Da zarar sun shiga walat ɗinka, hannuna ya fita. Kuɗin suna wurin kamfanin walat ɗin da sunanka.

Malam_TsohonMaaikacinBanki
Alhaji mai atamfa, sannu da haƙuri. Kalmar walat ɗin ce ta rikita ka, kuma ba kai kaɗai ba ne, na sha ganin irin haka lokacin da nake zaune a teburin ƙorafi.

Ta farkon, wadda kake zuba wa kuɗi, tana riƙe da kuɗi da gaske. Idan ka ga 35,000 a fuskarta, bashi ne kamfanin yake ɗauke da shi naka, kuma zai biya daga cikin wannan adadin ne kawai. Ko asusun bankinka babu ko sisi, za ta yi aiki. Ko bankinka ya kwana uku sabis ɗinsa na ƙasa, ba ruwanta.

Ta biyun ba ta ajiye komai. Abin da ta ajiye shi ne izinin taɓa katinka. Duk lokacin da ka danna biya, sai ta aika tambaya ta hanyar kamfanin katin, Verve ne ko Mastercard ko Visa, har zuwa bankinka: wannan mutumin yana da 18,500? Banki ya duba ya ce yana da su, ya cire ko ya ɗaure su, sannan ya mayar da amsa ta wannan hanyar. Abin da ya same ka jiya, a fahimtata, tafiyar ta yi kyau, dawowar ce ta katse. Banki ya yi nasa, amma amsar ba ta iso manhajar a kan lokaci ba, sai ta ɗauka an ƙi. Don haka sifilin da ka gani a walat ɗin ba alamar an sace kuɗinka ba ne. Dama can ba a nan za su sauka ba.

Wanda za ka riƙe shi ne bankin da ya ba ka katin.

MaiAtamfa_KasuwarBarci
Allah ya saka da alheri Malam. To amma ni manhajar ce ta ce min "Failed", ba banki ba. Me ya sa ba ita zan bi ba?

Malam_TsohonMaaikacinBanki
Ka bi su duka biyu, amma kowa da abin da za ka nema a wurinsa. A manhajar, ka shiga tarihin sayayya ka ɗauki hoton shafin da ya nuna cinikin bai yiwu ba, da rana da lokaci da lambar cinikin. Ka rubuta musu su tabbatar maka a rubuce cewa ba su karɓi kuɗin ba. Wannan shaida ce kawai kake tarawa. Sai ka ɗauki alat ɗin banki, da lambobi huɗu na ƙarshen katin, ka kai ƙorafi banki. Bankin ne yake da hurumin bin kuɗin ta hanyar kamfanin katin ya dawo da su, manhajar ba za ta iya maido abin da bai iso hannunta ba.

Tun a 2020 CBN ya ce cinikin POS ko na intanet da ya gaza, a maido da kuɗinsa cikin awa 72. Na sani a aikace wani lokaci yakan wuce haka, amma ka riƙe wannan adadin a bakinka idan ka je. Kuma kada ka baro wurin sai an ba ka lambar ƙorafi. Idan sati biyu suka wuce babu bayani, da wannan lambar za ka kai kuka sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN.

Abu ɗaya zan ƙara. Idan manhajar ta dawo ta ce kuɗin sun iso ta daga baya, to magana ta sauya, sai su ba ka kaya ko su maido.

Dalibi_Mando
Ni dai ban yarda cewa walat mai kati ba ta riƙe kuɗi ba. Ina da katin OPay a aljihuna yanzu haka, kuma balas ɗina yana nan a manhaja ina kallonsa. Ga kati ga kuɗi.

Injiniya_Barnawa
Ƙanena, naka akasin na Alhaji ne. Kai walat ɗin ce ta haifi katin, idan ka sa shi a POS daga balas ɗin walat ɗin ake cira. Har yanzu sai ka zuba kafin ka kashe. Shi kuma Alhaji katin banki ne aka ɗauko aka jingina da manhajar da ba ta da balas nata. Hanya mafi sauƙi ta ganewa: bayan ka biya, wa ya turo maka alat ɗin cira? Idan banki ne, manhajar hanya ce kawai. Idan lambar da ke fuskar manhajar ce ta ragu, to a nan kuɗin suke zaune.

Dalibi_Mando
To na gane Yaya. Sunan ne iri ɗaya.

Maman_Hanifa
Mai POS na Kawo ka yi haƙuri, ban karanta da kyau ba. Amma nawa fa gaskiya ne. Dubu arba'in na kai na kuɗin adashi, ya ba ni rasit, na iso gida Unguwar Sanusi babu komai a walat. Da na koma washegari muka duba, ashe lamba ɗaya ya kuskure, ya buga 6 a maimakon 9, kuɗin sun tafi wurin wani bawan Allah da ban sani ba. Sai da aka yi kwana tara, shi ma don mutumin mai tsoron Allah ne ya yarda ya maido.

MaiPOS_Kawo
Babu komai Hajiya. Wannan kuwa laifin ɗan'uwanmu ne, ba zan kare shi ba. Yawancin waɗannan walat ɗin lambar wayar mutum ce lambar asusunsa, an dai cire sifilin farko. Don haka idan aka kuskure lamba ɗaya, akwai yiwuwar ta faɗa kan wani mai asusu na gaske. Shi ya sa ni ba na danna tura sai na juya wa mutum na'urar ya karanta sunan da ya fito da bakinsa. Wasu har haushi suke ji, suna sauri za su kama mota a tashar Kawo. Na gwammace su ji haushi.

Kuma jama'a ku daina yar da rasit a gaban rumfa. Akwai doguwar lamba a jiki da ake rubuta Session ID, da ita ake bin sawun taransifa tsakanin banki da banki. Takardar tana gogewa da zafi, ku ɗauke ta hoto nan take.

Malam_TsohonMaaikacinBanki
Labarin Hajiya ya nuna ɗaya ɓangaren. Zuba kuɗi a walat, ko turawa daga cikinta, kai ne ka tura da hannunka. Tsarin taransifa tsakanin bankuna da ake bi, wato NIP, yana kai kuɗi cikin daƙiƙoƙi, kuma idan sun sauka daidai da lambar da aka buga, a wurin na'ura babu kuskure. Maido su sai da yardar wanda ya karɓa, ko banki ya ɗaure asusunsa a bi ta kotu. Shi kuma kati ja ake yi daga wurinka, don haka kamfanonin kati suka tanadi hanyar da mai kati zai ce ban karɓi kaya ba, ko an cire min sau biyu, a tuhumi ɗan kasuwar ya kawo hujja.

Telan_TudunWada
Kenan kati ya fi tsaro, magana ta ƙare. Duk abin da aka cire banki zai maido.

Injiniya_Barnawa
Ba duk ba, Malam tela. Idan kai ka karanta wa wani OTP a waya, ko ka ba shi lambobi uku na bayan kati, banki zai ce da izininka aka yi, kuma wahala ce ka ci wannan shari'ar. Sannan ka duba girman abin da ke bayan ƙofar. Walat mai dubu goma a ciki, ko wayar ta faɗa hannun ɓarawo ya san PIN, dubu goman ce iyakarsa. Manhajar da aka jingina wa kati kuwa tana kallon duk abin da ke asusun bankin, har iyakar da bankin ya sa wa katin a rana. Kuma da yawansu a karon farko kawai suke neman OTP, bayan nan dannawa ɗaya ce.

Ni abin da nake yi, katin da nake haɗawa da manhajoji na wani asusu ne daban da ba na barin kuɗi masu yawa a ciki. Asusun albashi ban taɓa sa katinsa a ko'ina ba.

Anti_UnguwarRimi
Maganar Injiniya ta tuna min. Na taɓa sa katina a wata manhajar karatun yara, wata guda kyauta suka ce. Na manta, daga baya na goge manhajar daga wayar gaba ɗaya. Wata uku ana cire min 4,200 duk ranar biyar ga wata, ina zaton cajin banki ne. Sai da na zauna da takardar bayanin asusu na ga sunansu. Ashe goge manhaja ba ya soke izinin, izinin yana can wurinsu. Sai da na sake sauke ta, na shiga na soke rajistar, na cire katin. Wanda aka riga aka cira kuwa ya tafi.

Dan_Rigasa
Anti da walat mai balas ce da ba su samu komai ba sai abin da ke ciki.

Anti_UnguwarRimi
Haka ne ɗana. Amma kuma da ita ce, da ranar da na tsaya biyan kuɗin magani a asibiti da dare ban samu mai POS a buɗe ba, da na rasa yadda zan yi. Ranar katin ne ya fitar da ni. Kowanne da ranarsa.

Baba_Kakuri
Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri da tsoho. Banki na san inda gininsa yake a Ahmadu Bello Way. Wannan kamfanin walat ɗin, idan ya rufe gobe, kuɗina fa? Mu da muka ga yadda masaƙu suka rufe a Kakuri ba ma raina irin wannan tambayar.

Malam_TsohonMaaikacinBanki
Tambaya ce mai kyau Baba. Ya danganta da irin lasisin kamfanin, don ba ɗaya ba ne. OPay da PalmPay lasisin hada-hadar kuɗi ta waya suke da shi, kuma doka ta ce kuɗin jama'a su ajiye su a asusu na musamman a bankunan kasuwanci, ba a cakuɗa da kuɗin gudanar da kamfani ba. Moniepoint da Kuda ƙananan bankuna ne a lasisi. MoMo na MTN da SmartCash na Airtel kuma wani rukunin ne na bankunan biyan kuɗi. A 2024 hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya: naira miliyan 5 ga mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 5 ga mai walat a kamfanin kuɗin waya, miliyan 2 ga ƙananan bankuna da bankunan biyan kuɗi. Wannan ga masu lasisi ne. Manhajar da ba ta da lasisin CBN, wadda kawai ta buɗe maka wani shafi ta kira shi walat, ba ta cikin wannan lissafin.

A nan kuwa walat ɗin da aka haɗa da katin banki ta fi sauƙin sha'ani. Ko kamfanin ya rufe yau, kuɗinka suna bankinka ba su motsa ba.

MaiPOS_Kawo
Ƙarin abin da nake gani kullum shi ne iyaka. Mutum ya buɗe walat da lambar waya a matakin farko, sai ya sayar da rago ko babur a ce za a turo masa dubu ɗari huɗu. Matakin farko a ƙa'idar CBN dubu 50 ne a rana, kuma balas ba ya wuce dubu 300. Sai kuɗin su ƙi shiga, ko su shiga a ɗaure su sai ya ɗaga mataki. Ya zo yana yi min faɗa. Kuma tun sanarwar CBN ta Disambar 2023, ko matakin farkon sai da BVN ko NIN. Wanda yake ciniki mai nauyi ya ɗaga matakinsa tun kafin ranar buƙata.

Telan_TudunWada
Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ai walat ce ta riƙe mu. Manhajojin bankuna suna ta faɗuwa, kati ka sa a POS ya ƙi, amma walat zuwa walat tana tafiya. Har mai kayan miya a Kasuwar Barci ta buɗe.

MaiPOS_Kawo
Kada ka tuna min wannan lokacin Malam. Mu ma sayen takardar muke yi a gidajen mai da wurin 'yan kasuwa, jama'a kuma suna ganin mu ne muka tsawwala.

Injiniya_Barnawa
Dalilin abin da tela ya faɗa a fili yake. Idan ni da kai kamfani ɗaya muke, turawa gyaran lissafi ne kawai a littafinsu, a rage nan a ƙara can. Biyan kati kuwa sai ya ratsa manhaja, da kamfanin da ke karɓar mata kuɗi, da kamfanin katin, da bankinka, sannan ya dawo. Ko'ina a hanyar nan zai iya yankewa, kamar yadda ya yanke wa Alhaji.

Amma mu koma kan Alhaji, akwai abin da nake son ya duba. Wasu manhajojin ruwa biyu ne. Suna jan kuɗi daga kati su zuba a wani balas na cikin gida, sannan su biya daga nan. Irin waɗannan idan ciniki ya lalace, sau da yawa ba kati suke mayar wa ba, balas ɗin cikin manhajar suke zuba wa, kuma wasu ba sa barin ka fitar da shi sai dai ka sake sayayya a wurinsu. Tunda ka ce akwai shafin "Wallet" mai nuna sifili, ina zargin taka irin wannan ce. Ka riƙa leƙa shi, ba alat ɗin banki kaɗai ba.

Malam_TsohonMaaikacinBanki
Injiniya ya yi gaskiya, wannan ya kuɓuce min. Na yi saurin cewa ba ta ajiye komai. Idan tana da shafin balas, to tana iya ajiyewa. Sai dai har yanzu ina kan cewa ya shigar da ƙorafi a banki, don idan kuɗin ba su taɓa isa wurinsu ba, babu abin da za su zuba masa.

Maman_Hanifa
To ni yanzu mahaifiyata nake tunani, tana Rigachikun, ba ta karatun boko. Wanne zan yi mata? Yayana ya ce a haɗa mata kati don kada ta riƙa fita neman mai POS.

Injiniya_Barnawa
Ni walat mai balas zan ce, ki riƙa turo mata kaɗan kaɗan daga bankinki, ba sai ta je wurin kowa zubawa ba.

Anti_UnguwarRimi
Ni kuma ina ganin matsalar ba a nan take ba. Duk wanda aka yi mata, wani yaro za ta miƙa wa wayar ya danna mata, kuma shi zai san PIN. Ki fara tunanin wane ne wannan yaron.

MaiAtamfa_KasuwarBarci
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na je banki da safen nan da hotunan kamar yadda Malam ya ce, na cike takarda, sun ba ni lambar ƙorafi. Yarinyar da ke teburin ta duba ta ce a wurinsu cinikin ya nuna an amince, za su tuntuɓi ɗaya ɓangaren. Manhajar kuma ta amsa min cewa suna dubawa. Shafin balas ɗin har yanzu sifili, na leƙa sau uku. Zaren dai na aiki yaro ya sayo a Kasuwar Sheikh Gumi da tsabar kuɗi, don masu ɗinki suna jira. Injiniya, idan suka zuba min a balas ɗin nasu kuma ni ba na son sake sayen komai a wurinsu, ina da ikon cewa sai dai su mayar min kan kati?

Injiniya_Barnawa
Ka nema a rubuce tun yanzu Alhaji, kafin su zuba. Ka ce cinikin bai yiwu ba, kana son kuɗinka su koma inda suka fito. Kuma kada ka taɓa ko naira ɗaya daga balas ɗin idan ya shigo, don da ka kashe wani abu za su ce ka karɓa. Ka turo mana abin da suka amsa.